Gahawar Surayya a Siton Barau

Gara in fara da nawa laifin, tunda ƙarami ne: ni na ce wa Surayya ta ba yayanta Barau ajiyar gahawarta. Na ce duk Gummi babu wanda ya san buhu kamarsa. Haka ne kuwa, shi ya sa har yau ban nemi gafara ba.

Barau ɗan kasuwar hatsi ne, shekara talatin yana cikin gero da dawa da wake. Abin alfaharinsa ɗaya a duniya, buhu bai taɓa lalacewa a sitonsa ba. Wakensa yakan kai wata damina ba huda. Ba shi da na'ura, haƙori gare shi: ya ɗauki ƙwaya ya sa a turmin haƙori, in ta ce ƙas ta bushe, in ba ta ce ba a mayar da ita rana. Haƙoransa biyu sun tafi a wannan hidima, kuma bai ga an cuce shi ba.

Surayya ita ce autarsu. Ta yi aiki a wani wurin gasa gahawa a Abuja shekara shida, ta dawo Sakkwato ta buɗe nata, da ƙaramin inji da shago wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita. Wani otal ya ɗanɗana nata ya ce ta riƙa kawo musu duk wata har shekara. Wannan na nufin ta sayi ɗanyar gahawar shekara guda lokaci ɗaya, tun tana kaka, ta riƙa ɗiba tana gasawa. Shagon ba zai ɗauka ba. Nan na sa baki.

A watan Janairu suka tafi Gembu, can saman dutsen Mambila inda ake nomanta. Barau ya raka ta don ciniki da neman mota. Kwana biyu a hanya, suka iske sanyin da ya sa shi ya sa riguna uku. A siton wani dillali, Malam Haris, ya ga abin da ya ba shi mamaki: gahawar ba baƙa ba ce. Ƙwaya ce koriya-koriya mai ratsin toka, da tsaga a ciki, tana ƙanshin ɗanyar ciyawa.

"Wagga ita ta gahawar?" ya ce. "Ai wake na da bai ji daɗin duniya ba."

Surayya ba ta kula shi ba. Ta karɓi ƙarfen soka buhu, ta soka sama, ta soka tsakiya, ta soka gindi, buhu bayan buhu. Wannan Barau ya yaba, don shi ma ya san masu zuba mai kyau a baki. Sai ta ciro wata na'ura kamar gwangwanin madara, ta cika ta da ƙwaya, ta danna. Lamba ta fito.

"Sha huɗu," ta ce. "Malam Haris, wannan a ja shi gefe. Kahin wata biyu ya yi hunhuna."

"Hajiya, kwana ɗaya a rana ya ishe shi."

"To in ya kwana a ranar sai mu yi magana."

Ta yi wa Barau bayani a gurguje: na'urar danshin da ke cikin ƙwaya take aunawa. Daga goma zuwa sha biyu cikin ɗari ake so. Wanda ya wuce ta ƙi shi. Wanda ya shiga, sai ta auna giram ɗari uku da hamsin ta baza a faranti, ta zauna tana tsinta kamar mai shirin dafa shinkafar biki. Baƙar ƙwaya gefe guda, mai ruwan ƙasa da ke tsami gefe guda, wadda ƙwaro ya huda tun a gona, fasassa, ɓawo, tsakuwa. Ta ƙirga, ta shinshina, ta ƙi wasu buhunan saboda baƙar ƙwaya ta yi yawa. Ta ce guda ɗaya tana iya ɓata tukunya. Kwana uku ana haka kafin ta yarda da buhu ashirin, kilo sittin-sittin, duk na'urar ta ce sha ɗaya ko kusa da haka.

Barau ya faki ido ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori. Ba ta ce ƙas ba. Ta dai tsaya masa da tauri, haƙorin ya ɗan bar shaida a jikinta. Ya tofar da ita a ɓoye, don ba a ƙaryata ƙanwa a gaban dillali.

A Gummi, Surayya da kanta ta tsara siton. Ta zaɓi ɗakin ciki mai sanyi, ta sa aka share, aka fitar da jarkar fetur da kwandon albasa. Kowane buhu da leda mai kauri a ciki, irin wadda ake ɗaure wake da ita iska ba ta shiga. Aka jera su bisa katako, tazarar kamu biyu daga bango.

"Yaya, don Allah abu ɗaya nika roƙo," ta ce. "Kar a buɗe. Kar a kawo komi mai wari kusa, ɗaukar wari takai kamar auduga. Ka bar ta kawai."

"Ke Surayya, ina ajiyar buhu tun kina goye bayan Inna."

"Na sani, Yaya."

Ta ɗauki abin da ta tanada na wata biyu daban, ta koma Sakkwato.

Barau ya yi haƙurin sati shida. Kullum ya buɗe sito sai ya ji buhunan nan suna kallonsa. Sha ɗaya cikin ɗari, in ji na'ura da bakinta. Wato ruwa ne kwance a sitonsa, an kuma ƙulle shi cikin leda, ga bazara ta shigo. Ya tuna yarinyar nan duk abin da ta tara yana cikin buhunan. Ya tuna ba ta taɓa ganin yadda ƙwaro ke mayar da buhun wake gari ba. Tausayinta ya kama shi.

Matarsa Luba ta ce, "Malam, ba ta ce a bari ba?"

"Ta ce. Yaro na cewa abubuwa da yawa."

"Yaron da ke da ɗiya uku."

Ya shimfiɗa tamfol a filin bayan sito. Ya kwance buhunan, ya baza gahawar a ranar watan Maris, wadda ko akuya ba ta tsayawa cikinta. Kwana uku yana juyawa da hannunsa, bai yarda kowa ya taya shi ba. A rana ta uku ya sa ƙwaya a haƙori, ta ce ƙas, ta rabe biyu. Ya yi hamdala. Da zai mayar, ya yi mata gatan da yake yi wa waken gidansa, wanda ba na sayarwa ba: kowane buhu ya damƙi busasshen tonka, barkonon nan mai zafi, ya cusa a ƙasa da tsakiya da sama, don ƙwaro. Buhu sha bakwai ya gama, bayansa ya riƙe. Uku na can lungu suka rage. Ya ja tsohon tamfol ya rufe su, don kada ƙanwarsa ta zo ta ga ya yi mata aiki rabi.

Ta zo bayan sati uku, da na'urarta a jaka. Barau ya sa sabuwar riga. Ya buɗe sito, ya kwance buhun farko da kansa, ya ja baya yana jiran godiya.

Surayya ta sunkuya, ta yi atishawa. Ta sake yi. Ta sa hannu ta ciro tonka guda, ta riƙe shi a gaban idonta, ta daɗe tana dubawa kamar ba a ƙasar aka haife ta ba.

"Yaya, mi na wannan?"

"Tonka na. Ba ki biya ko sisi, nawa na."

Ta ɗebo ƙwaya a tafin hannu. Koren ya tafi, ta koma fari-fari kamar tsofaffin ƙasusuwa. Ta cika na'ura. Ta danna. Ta zubar, ta sake cikawa daga wani buhun. Ta danna.

"Bakwai," ta ce. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bakwai!"

"Kin gani ko? Daga sha ɗaya. Kwana uku kacal."

"Ka shanya ta?"

"Da hannuna."

Ta zauna a kan katako, a ƙasa, da leshinta mai tsada. Ta yi magana a hankali, abin da ya fi ihu muni. Ta ce ɗan danshin nan shi ke riƙe da ƙanshin ƙwayar. In ya fita, ƙanshin ya bi shi, ba ya dawowa. Ƙwaya ta yi gautsi, a inji ta ƙone a waje kafin cikinta ya gasu.

"To a yayyaha mata ruwa," in ji Barau.

"Sai ta yi hunhuna bisa tonka."

Har yanzu bai yarda ba, sai ta ce a ɗora buhu a sikelinsa. Kilo hamsin da bakwai da 'yan kai. Na biyu ma haka. Barau ya yi lissafin a tsaye: sama da kilo arba'in, yawancin buhu guda, rana ta sha, shi kuma ya tsaya yana juya mata. Ya cire hula ya mayar. A shekara talatin ɓera ma bai taɓa yi masa haka ba.

Luba ta kawo kasko da gawayi. Surayya ta gasa ɗan kaɗan, ta daka, ta zuba ruwan zafi, ta miƙa masa. Ya kurɓa. Ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali ya fara zuwa, daga baya wani abu ya karce masa maƙoshi.

"Ba haka take ba dama?" ya tambaya, da ɗan sauran fata.

"Ba haka take ba."

Luba ta juya baya, kafaɗunta na motsi. Sai ta ce, "Malam, ka gwada mata na ƙarƙashin tamfol mana, waɗanda ciwon baya ya hana ka."

Barau ya harare ta. Wannan ne abin da ya fi jin kunya a duk ranar. Surayya ta riga ta miƙe. Ta yaye tamfol, ta ga buhu uku da ɗaurin da ta yi da hannunta. Ta kwance ɗaya, ƙanshin ɗanyar ciyawa ya taso. Ta gwada. Sha ɗaya. Ta rungume buhun, ta sa kuka.

Buhu uku ba su kai ta shekara ba. Ta kira Malam Haris a gabansa, ya ce kaka ta wuce, abin da ya rage sai wanda ta ƙi. Ta riƙe otal ɗin wata biyu, daga nan suka nemi wani. Buhu ukun nan kuwa, tun a ranar ta sa su a mota, ta ce ƙarƙashin gadonta za su kwana. Da za ta tafi ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta ce, "Yaya, Allah shi saka da niyya." Ya ce amin, bai ɗago ba.

Sha bakwai ɗin suna nan a siton Barau, bisa katako, kamu biyu daga bango. In baƙo ya tambaya, yakan buɗe ɗaya ya nuna masa cewa shekara biyu ke nan ko huda ɗaya babu. Ƙwaron wake dai dama ba ya cin gahawa.