Talabijin ɗin da Kawu Zadok yake tayarwa

Lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, gidan Malam Apollos da ke unguwar Luggere a Yola ya koma kamar tashar mota. Shi malamin sakandare ne, mutumin Numan, amma matarsa Debbie 'yar Mubi ce, saboda haka duk danginta da suka tsira da ƙafafunsu ƙofarsa suka nufo. Falo ya cika da katifu, baranda ta cika da tabarmi. Apollos bai yi ƙorafi ba. Abu biyu kawai ya roƙi Allah a ransa ya bar masa: kujerarsa mai hannu, da talabijin ɗinsa shafaffe da ke kan teburi.

Cikin baƙin akwai Kawu Zadok, yayan mahaifiyar Debbie, dattijon ikilisiya mai murya kamar ganga. Ya iso da Littafi Mai Tsarki a hammata da takalmi ƙafa ɗaya. Ya bar gida da gona da majami'arsa a baya, amma bai bar halinsa na ba da umarni ba.

Tun kafin zuwansu talabijin ɗin ya fara tsiya. In an danna rimot sai ya yi ƙas, ya yi shiru, ya sake ƙas, 'yar jar fitilar da ke ƙasansa tana ƙiftawa, sannan hoto ya fito. Da farko ƙas biyu ne ko uku, Apollos bai kula ba. A hankali abin ya riƙa tsawo, musamman da safe in ya kwana a kashe.

Wata safiya mutane sun taru suna jiran labarai, kowa yana son jin abin da ake ciki a gida, talabijin ya ƙi tashi. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Apollos ya canza batirin rimot, ya buga shi a tafin hannu, ya zare waya ya mayar. Ba labari.

Kawu Zadok ya miƙe. "Matsa, ɗana. Wannan ba aikin batir ba ne."

Ya ɗora hannayensa biyu a bayan talabijin, ya rufe ido, ya fara addu'a. Ya tsauta wa ruhun bebantaka, ya tsauta wa ruhun makanta, ya bi ta kan Fir'auna da rundunarsa, ya dawo kan waɗanda suka kore shi daga gidansa. Talabijin yana ƙas, mata suna amin. Yana cikin zancen garun Yariko sai allon ya yi haske, mai karanta labarai ta bayyana. Falo ya ɗauki guɗa.

Daga ranar komai ya canza. Kowace safiya talabijin sai ya jira Kawu, Kawu kuma sai ya gama shan kunu. Tunda shi yake tayar da shi, shi ya riƙe rimot. Tunda rimot yana hannunsa, ya ga bai dace ya zauna a tabarma ba, ya koma kujera mai hannu. Ya haramta ƙwallo, ya ce ba za a tayar da abu da sunan Yesu a kalli ƙarti suna guje-guje da gajeren wando ba. Labarai da wa'azi kawai.

Apollos ya samu matarsa a kicin. "Maman Jerry, kawunki ya ci ni da yaƙi a gidana."

Debbie ba ta ɗago daga tukunya ba. "Baban Jerry, mutumin nan ya rasa komai. Kujera ce ba za ka bar masa ba?"

"Kujera na bar. Ƙwallo fa?"

"To kai ma ka yi addu'ar mana, in taka za ta ci."

Ya gwada kuwa, ranar da Kawu ya shiga wanka. Ya yi Addu'ar Ubangiji da sauri, ya ce amin, talabijin ya ce ƙas. Tasa addu'ar ba ta da tsawo.

Ita ma ta Kawu kullum ƙara tsawo take. Abin da Yariko ke gamawa a da, yanzu sai an kai ga Daniyel a ramin zakuna. Ranar wata Asabar Kawu ya fara daga Farawa ya kusa kaiwa Ru'ya ta Yohanna, muryarsa ta dushe, gumi ya jiƙa rigarsa, talabijin bai tashi ba. Kawu ya juyo ya dubi jama'a, ya ce akwai mai zunubi a cikin gidan nan. Idonsa ya daɗe a kan Apollos. Sannan ya sa kowa azumi.

Apollos bai jira azumin ya ƙare ba. Ya naɗe talabijin da tsohon bargo, ya ɗaure da igiya, ya tare keke, sai kasuwar Jimeta, wurin wani mai gyara da ake kira Muktar.

A wancan lokacin ba a shiga kasuwa sai an laluba mutum. A ƙofa wani ɗan sintiri mai ƙarfen bincike ya tsayar da shi, ya kai ƙarfen kan bargon, ƙarfen ya yi kuka.

"Oga, mene a ciki?"

"Talabijin ne, zan kai gyara."

"Me ya same shi?"

"Ba ya komai. Ƙas, ƙas, ƙas kawai yake yi, kamar agogo."

Apollos bai gama rufe baki ba ya ga layin da ke bayansa ya watse. Mai tallan lemo ta zubar da farantinta, mai keken da ya kawo shi ya ja da gudu, ɗan sintirin kansa ya tsallake kwata ya laɓe bayan buhunan albasa, daga can yake ihu: "Ajiye shi! A'a, kar ka ajiye! Tsaya a wurin!"

"Jama'a, sai an sa shi a wuta yake yi!" in ji Apollos.

"Wa ya ce ka sa masa wuta?" aka amsa daga nesa.

Haka ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar rana, rungume da talabijin kamar jariri, ya kuma san a kwanakin nan an sha dukan mutum kan abin da bai kai wannan ba. Wata mai sayar da atamfa, Madam Nwadiuto, wadda ɗanta ke ajinsa, ita ta leƙo ta gane shi. "Haba! Na our teacher be dat! Malam ne, ku bar shi ya buɗe!" Aka ce ya kwance bargon da kansa, a hankali. Da baƙin allon ya bayyana, ɗan sintirin ya fito yana kaɗe ɓawon albasa daga wandonsa, ya ce dama ya sani, gwada shi yake yi.

Muktar ya riga ya ji labari kafin Apollos ya iso shagonsa, yana ta dariya har da hawaye. "Kai ne mai bam ɗin? Sannu, Malam. Kawo shi mu ga."

Ya jona shi, ya saurari ƙas ɗin, ya dubi jar fitilar. "Da yana tashi in an jira, ko? Da safe ya fi taurin kai? Kullum jiran yana ƙaruwa?"

"Kamar kana gidan."

Muktar ya zare wayar, ya kwance murfin baya. Apollos ya miƙa yatsa zai nuna wani abu, Muktar ya buge hannun. "Kul! Wannan babban kafasitan yana riƙe wuta ko an cire waya. Bari in sauke shi tukuna." Da ya gama, ya nuna masa wani ƙaramin allo a ciki wanda wuta ke shigowa ta kansa. Akwai wasu ƙananan gwangwanaye a tsaye. Yawancinsu kansu a shafe yake, amma uku sun kumbura kamar an hura su, ɗaya har ya tsage ya fitar da wani abu ruwan ƙasa da ya bushe.

"Ga masu laifin, su ma kafasita ne. Wannan ɓangaren shi ke ba da 'yar wutar jira, wadda ke sa talabijin ya ji rimot. Muddin waya tana jone, ba ya hutawa, ko ka kashe. Ga zafin Yola a kai. Ruwan da ke cikin kafasita ya bushe, ba ya iya daidaita wuta. Ka danna rimot, makunnin ciki ya kama, ƙas, wuta ta faɗi, ya saki, ya sake gwadawa. Shi ne abin da kake ji."

"To me ya sa yake tashi in an yi masa addu'a?"

Muktar ya ɗago. "Addu'ar doguwa ce?"

"Ba ta da ƙarshe."

"In ya daɗe yana gwadawa, ciki yana ɗumi, kafasita mai ciwo kuma in ya ji ɗumi yana ɗan farfaɗowa. Ko na'urar busar da gashi ka hura masa, da ya tashi. Amma ni ban ce addu'a ba ta aiki ba, kar ka je ka haɗa ni da mutanen coci."

Ya narkar da dalma ya cire ukun, ya sa sababbi masu lamba ɗaya da tsofaffin, yana duba zanen da ke gefen kowanne don kar ya juya ƙafafun. Ya jona, ya danna. Ƙas ɗaya, hoto ya fito. Apollos ya ce a zuba masa matattun a leda. Yana da wanda zai nuna wa.

A gida ya tara kowa a falo. Ya danna rimot da kansa, talabijin ya tashi kafin Kawu ya ajiye sandarsa. Sannan ya juye ledar a tafin hannun tsohon.

"Kawu, ga abin da ke damunsa. Kafasita ake ce musu."

Kawu Zadok ya sa tabarau. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa kumburin, ya shinshina wanda ya tsage, ya yamutsa fuska.

"Daga cikinsa aka fitar da waɗannan?"

"Daga cikinsa."

"Yaushe?"

"Yau da rana."

Kawu ya ɗaga su sama, ya juya ga mata. "Kun gani? Ana cikin azumi suka fito! Dubi yadda suka kumbura, wuta ce ta ci su. Wannan har ya fashe!" Guɗa ta tashi fiye da ta ranar farko. Apollos ya buɗe baki, Debbie ta taka masa ƙafa.

Ranar Lahadi, lokacin ba da shaida, Kawu ya fita gaban majami'a da su a ƙulle cikin hankici. Ya ce shi baƙo ne, ya zo garin nan da takalmi ƙafa ɗaya, amma Ubangiji ya nuna masa bai bar shi ba. A nan ya tsaya ya share ido. Sannan ya ce yana da shaida, surukinsa mai ilimi, wanda ya ɗauki talabijin ɗin da hannunsa har 'yan kasuwa suka gudu saboda ƙarfin abin da ke ciki.

"Ɗana, tashi su gan ka. Haka aka yi ko ba haka ba?"

Apollos ya miƙe. Ya dubi fasto, ya dubi matarsa, ya dubi tsohon da ke riƙe da hankici.

"Sun gudu kam," in ji shi.