Takwas ɗin da ke hannun Raisa

Surukina Yefim Lukich ya yi shekara hamsin yana buga durak, kuma bai taɓa roƙon sassauci a teburin karta ba. A bazarar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ni da matata Raisa muka ɗauke shi muka koma gidan gona da shi. Kullum bayan la'asar mukan zauna a baranda mu uku, ga shayi, ga karta talatin da shida. Na yanka masa wani katako mai tsaga inda yake jera kartarsa, yana zara da hagu.

Wasan ba shi da mai nasara. Wanda aka bari da karta a hannu shi ne wawa, shi ne kuma zai gauraya ya raba. Wannan Raisa take tsoro. Ba ta son ganin mahaifinta yana fama da karta da hannu ɗaya. Sai ta daina yi masa ƙari, wato jefa masa wata karta a lokacin da yake kare hari, ta sa ni ma na daina. Na bi ta, kuma laifi ne. Tausayin da aka cuɗa da ƙarya raini ne, ko da daga 'yarka ya fito.

Sati biyu bai faɗi wasa ba. Ran nan ya kife katakon.

"Raisa, tara nawa ke cikin karta?"

"Huɗu, Baba."

"Ɗaya tana kan tebur, biyu sun riga sun fita. Ta huɗun tana hannunki tun ɗazu, kin zauna a kanta kamar kaza. Hannuna ne ya mutu, ba kaina ba." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, Gleb, na ɗauka mai walda ba ya liƙe ɓaraka da yawu. In sadaka kuke ba ni, ku kai ni ɗaki in kwanta. Na bar karta."

Na san zai aikata, kuma karta ce kaɗai ke fito da shi daga gado. Na tattara na raba, shida-shida. Zuciya ce ta fito kozir, gidan da ke cin kowane gida.

"Yefim Lukich, yau sai kun yi kuka."

"Uban wa? Jefo."

Muka buga da gaske. Sau biyu ya kasa karewa ya kwashe tebur, yana zagin kakannina, yana murmushi da rabin baki. Har tarin tsakiya ya ƙare. Ya rage saura biyu a hannuna, uku a katakonsa, ɗaya a hannun Raisa. Ni ne da hari, shi ne a hagu da ni.

Na ajiye bakwai ta ganye. Ya rufe ta da goma ta ganye. Tunda goma ta sauka a tebur, ina da damar ƙari, na jefa goma ta gicciye, kartata ta ƙarshe. Ba shi da gicciye da ta fi ta, sai ya saki takwas ta zuciya ya cinye. Na fita.

Saura ɗaya gare shi, saura ɗaya gare ta. Ba a yi wa mai karewa ƙari fiye da abin da zai iya amsawa, amma ɗaya tana halatta. Raisa ta dubi takwas ɗin da ke tebur, ta dubi tata, ta manna ta a ƙirji.

"Shi ke nan, an ƙare," ta ce a hankali.

"Ba a ƙare ba," in ji tsohon. "Takwas ta ganye ce a hannunki. Ni shida ta gicciye gare ni, ba ta cin komai. In kin riƙe, na jefa miki ita, ki kwasa, ki zama wawa a madadina. Uwarki ba ta taɓa yi mini haka ba. Wannan matar har ranar aurenmu sai da ta ɗora mini karta goma sha ɗaya."

"Baba, hannunka fa."

"Nawa ne. Jefo, 'yata."

Ta ajiye takwas ɗin kamar mai ajiye ƙwai. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya jawo duka biyar ɗin gabansa da hagu.

"To. Ga wawa."

Raisa ta miƙa hannu za ta tattara masa, na riƙe mata wuyan hannu a ƙarƙashin tebur. Ya baje kartar a kife, ya yi ta juya ta da tafinsa kamar mai shanya hatsi. Uku suka faɗi ƙasa. Ya sa ƙafar hagu ya jawo su, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauko ɗaya bayan ɗaya. Shayi ya huce. Da ya haɗa su, ya danne tarin da mataccen hannun, ya fara zarowa da babban yatsa, ɗaya gare ni, ɗaya gare ta, ɗaya gare shi.

Raisa tana share ido da bakin gyalenta.

"Daina jiƙa mini karta," ya ce. "Kuma ki ɗaga hannunki sama, ina ganin sarkinki."