Farashin Fanka Ya Sauka

Kwalayen fanka sun cinye ɗakin Auta. Sun fara daga bayan ƙofa, suka hau kan sif, suka bi gefen gado, har ta kai idan za ta yi salla sai ta ɗora biyu a kan katifa kafin ta sami wurin shimfiɗa darduma. Shagon nata ke nan gaba ɗaya: wannan ɗaki, da wayarta, da mai babur ɗin da ke kai wa mutane kaya har gida.

Fankoki ne masu caji, ta saro su lokacin da zafi ke gasa mutane. Ta ci kasuwa kuwa, har ta ƙara saro wasu, aka ce idan kiɗa ya yi daɗi ba a jin kira. Sai ga ruwan sama ya sauko, gari ya yi sanyi, dilan da ta saya a wurinsa ya karya farashi, masu sayarwa a waya suka bi shi. Ga shi batirin fanka ba ya son ajiya, idan ya daɗe a kwali sai ya mutu a kwance.

“Yau ma a shago za mu kwana?” in ji maigidanta da safe, yana neman takalminsa a tsakanin kwalaye. Da wasa ya faɗa, amma wasan ya fara tsami.

Bayan ya fita ta zauna a bakin gado ta rubuta saƙon. Ba ta sha wahala ba, ta saba:

“Albishirinku! Fanka mai caji ta sauka daga dubu goma sha takwas zuwa dubu goma sha uku. Tana da fitila, tana cajin waya. Kaɗan suka rage. A turo ‘Ina so’, mu kawo har gida.”

“Kaɗan suka rage,” ta maimaita, ta dubi kwalayen da suka kusa taɓa silin. Allah ya yafe wa ’yan kasuwa.

Saura ta tura a burodkas, jerin lambobin kwastomominta, inda saƙo ɗaya ke shiga wayar kowa kamar shi kaɗai aka rubuta wa. A nan yatsanta ya tsaya. Sunan farko a jerin, Yaya.

Yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, nas a wani asibiti, ita ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yaya ba ta iya ciniki ba, ko tumatir za ta saya kunyar tayi take ji. Auta ce ta zuga ta a farkon watan nan. “Wallahi Yaya ki ɗauka, tashi kawai za su yi ta yi.” Yaya ta kwashi goma a tsohon farashi, ta biya nan take, ta raba wa abokan aikinta a kan su biya ƙarshen wata. Ta kuma maimaita musu maganar Auta da bakinta, cewa tashi za su yi. Ƙarshen watan bai zo ba tukuna.

Kuma matan asibitin nan da yawansu suna cikin jerin, don Yaya ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana cewa su ajiye lambar ƙanwarta.

Auta ta ji ɗakin ya ƙara matse ta. In ta tura, matan za su dawo wa Yaya da fankoki, su kuma ce ta ci da guminsu. In ta bari sai an yi albashi, kowa ya riga ya saya a wani wuri, ta zauna da matattun batura. In ta kira Yaya ta faɗa mata gaskiya, dole ta mayar mata da bambancin kuɗin, ita kuwa duk abin da ta mallaka yana cikin kwali. Gaba kura, baya sayaki. Tsoro take ji, har da kunya, kuma kunyar ta fi yawa.

Sai dabara ta zo mata, irin dabarar da ke zuwa wa mutum idan ya ƙi kiran wanda ya kamata ya kira. Ta shiga jerin ta cire Yaya. Ta bi matan asibitin, duk wadda ta rubuta wa “Nas” ko “Asibiti” a gaban suna, ta cire ta. Wayar ba ta sanar da wanda aka cire, ta san wannan. Ta yi bisimilla ta tura.

Kafin azahar “Ina so” sun fara shigowa. Mai babur ya yi sawu uku. Aka fara ganin bangon bayan ƙofa, da tabon da ta manta yana nan.

Abin da ba ta tuna ba, akwai wata mai shara a asibitin da ta ajiye da sunan “Maman Biyu” kawai. Ita ma ta karɓi fanka a hannun Yaya.

Washegari da la’asar Yaya ta yi sallama, ko kayan aiki ba ta cire ba. Tana riƙe da fankoki biyu, wani yaro na biye da ita da sauran. Ta sa aka jera su a tsakar ɗaki, daidai inda wuri ya fara samuwa.

“Yaya, sannu da zuwa. Bari in kawo ruwa.”

“Bar shi. A gaban marasa lafiya Maman Biyu ta karanta mini saƙonki. Na ce ƙarya ne, ƙanwata ba ta turo ba, da ni zan fara gani. Na ciro waya na nuna musu. Na rantse musu, Auta.”

“Yaya, kasuwar ce ta…”

“Na san kasuwa tana hawa tana sauka, ba yau aka haife ni ba. Da kin kira ni kin ce Yaya na shiga uku, da mu biyu za mu san yadda za mu yi. Amma ki zauna, ki nemo sunana, ki sa yatsa ki cire?”

Auta ta ce za ta biya, a hankali, in kaya suka fita.

“Na tambaye ki kuɗi?” Yaya ta gyara mayafinta. “Ki sayar da su a sabon farashin. Kaɗan suka rage, ai.”

Ta fita. Auta ta bi ta har ƙofar gida tana kira, ba ta waiwayo ba.

A ranar Auta ta mayar da sunan Yaya cikin jerin. Ta kasa kira, ta kasa zuwa gidan, kullum tana cewa sai ta haɗa kuɗin tukuna, kuɗin kuwa suna shigowa suna fita wajen dila. Bayan mako guda ta sake tura saƙon talla, ba don kwastomomi kaɗai ba. So take Yaya ta gani, ta san an mayar da ita.

Ta danna saƙon ta duba waɗanda ya isa gare su. Ya isa ga kusan kowa, ban da Yaya. Ta ce ko waya a kashe take, ko babu data. Ta jira har yamma, shiru. Duk mai wannan sana’a kuwa ya san burodkas ba ya shiga sai wayar wanda ya ajiye lambarka.

Ta buɗe shafin Yaya ta rubuta mata kai tsaye: “Yaya, ina wuni?”

Nan take ya shiga, nan take aka karanta. Ta ga alamar ana rubutu, aka tsaya, aka sake farawa. Tana tsaye a tsakanin kwalaye amsar ta zo.

“Lafiya lau. Wace ce?”