Rigar da Aka Ƙona wa Baki

Tun daga ƙofar shagon na ji warin roba da aka ƙona. Na gyara goyon jaririna, na ƙara riƙe hannun Lele, muka shiga.

Lele 'yata ce, shekararta shida, kuma fatarta ba irin ta sauran yara ba ce. Ta sha fama da ƙuraje a hammata da wuya, kwanan nan suka lafa da ƙyar, bayan man asibiti da yanke farce da hana ta susa. Abu kaɗan ya goge ta sai wurin ya tashi, ya fara ruwa. Ga shi an zaɓe ta ta yi jawabin maraba ranar taron makarantarsu, za ta tsaya ita kaɗai a gaban iyaye. Kakarta, mahaifiyar mijina da muke kira Mama, ta sayo yadi don murna, satin ruwan hoda da shifon da za a ɗora a sama. Ina da keken ɗinki a ɗaki, na kuma iya ɗinki daidai gwargwado, amma Mama ta ce mai goyo ba ta da lokaci, ta kai wa telanta da ake ce wa Nan-take.

Muka same shi da kyandir a kunne, rigar Lele a juye bisa cinyarsa, yana bin bakin ɗinkin da wuta.

"Maman Lele! Kin zo a daidai, yanzu nake kashe mata baki."

"Malam tela, me kake yi haka?"

"Zare ne ke zarewa. In an lasa masa wuta sai ya nutsu. Kowa haka yake yi."

Na karɓi rigar, na bi ɗinkin hammata da ɗan yatsa. Yadin na roba ne, ya narke ya daskare, ya zama ƙananan duwatsu baƙaƙe masu kaifi. Ni babba ma sai da ya karce ni. Na juya ta waje. Ɗinkin gefe ya tattare kamar bakin jaka, zare ya ja a satin ɗin dogo-dogo, ramukan allura kuwa ana hango haske ta cikinsu.

"Allura lamba nawa ka sa?"

"Sha shida. Ita ce ba ta karyewa."

"Wadda ka ɗinka wancan wandon jins da ita?"

"Allura ai allura ce, Hajiya. Ba ta san jins ba, ba ta san satin ba."

Abokinsa da ke zaune bakin ƙofa yana sakace ya bushe da dariya. "Tun bara take kan keken nan, ta zama 'yar gida."

Na ɗaga rigar ta kafaɗu. Shifon ɗin ya zubo gefe guda ya fi ɗaya tsawo, alamar a ninke ya yanka shi, na ƙasa ya sulale bai sani ba. Ina cikin dubawa ya fizge ta, wai bari ya goge min sai in ga kyanta. Ya shimfiɗa ta kan teburin da ya gama cin abinci a kai, ya kurɓi ruwa daga wani kofin roba da bakinsa ya yi baƙi, ya cika kumatu, ya fesa wa rigar 'yata. Na ga feshin ya sauka a ƙirjin satin ɗin, ɗigo-ɗigo, har da wani ɗan jan abu da ban so in san ko mene ne ba.

Lele ta ja min zane, ta ce a hankali, "Umma, ya tofa wa rigata yawu."

"Zo ki gwada, 'yan mata," in ji shi.

"Ba za ta gwada ba. Sa min a leda, da ragowar yadin."

Ya ciro ragowar daga ƙarƙashin keke, inda yake share ƙafa da ita, yana gunaguni wai matan yanzu sun fiye iyayi. Da yatsu biyu na karɓa.

A gida Mama ta ce ƙyanƙyamina ya yi yawa, a sa wa yarinya singileti a ciki kawai. Na ce singileti ba ta rufe hammata, Mama. Na kama hannunta na ɗora a kan ɗinkin. Ta janye da sauri, ta ce, "To, ke kika sani."

Na wanke rigar gaba ɗaya da ruwan sanyi, sau biyu, don tabon ruwa ba ya fita daga satin sai an jiƙa shi duka, kuma don raina ya kwanta. Da ta bushe na zauna ina kallonta. Warwarewa ba za ta yi ba, ramin allura a satin ba ya rufewa, bakin kuma ya riga ya ƙone. Sai dai a yanke ɗinkin duka a zubar, riga kuwa in an yanke mata gefe ta tsuke. Na ɗauko tef na auna Lele, na auna rigar. Sai na tuna Mama ta ce wa telan ya yi ta da girma, yarinya za ta ƙara jiki. A lokacin haushi na ji. Yanzu wannan girman ne ya bar min wurin ɗinki.

Na shimfiɗa farar takarda a tebur, na kwantar da yadin ɗai-ɗai ba ninki, na danne da kofuna, fil kuwa a can bakin da ɗinki zai cinye kawai na sa. Na yanka yadi da takarda tare don kada ya gudu. Na sa sabuwar allura lamba tara, siririn zare, na rage tsawon ɗinkin, na sa takarda mai laushi a ƙasa don keke kada ya haɗiye shifon. Sai da na gwada a ƙyalle na ga ya kwanta. Gefunan na yi musu ɗinki biyu: na fara haɗa su ta waje, na rage bakin ya zama siriri, na juya na goge da dutsen guga mai ɗumi kaɗan da ƙyalle a sama, na sake ɗinkawa ta ciki, bakin ya shige ya ɓuya. Hammata ce ta ba ni wuya saboda lanƙwasa. Hannuwan rigar ba su cetu ba, na cire su, na yanko siririn satin a karkace daga ragowar da na wanke, na naɗe bakin da shi. Jaririn ya tashi sau ba adadi, ina taka keke ina jijjiga shi.

Ranar taro ban ji rabin jawabin ba. Hannunta nake kallo, ko zai tafi hammata. Ya tsaya a gefenta har ta gama. Da muka dawo na tuɓe ta na duba ko'ina, fata lafiya lau.

Mama tana zaune tana ba Baban Lele labari. "Kowa sai tambaya yake wa ya ɗinka. Na ce telana ne mana, ita ta ɗan gyara. Jiya ma na kai masa wani satin ya yi wa jaririn riga."

Na ajiye man da ke hannuna, na ɗauki mayafi.

"Ina za ki kuma?" in ji Baban Lele.

"Riƙe min jaririn. Zan je in karɓo yadin kafin ya kunna kyandir."