Mai Girma Manaja

Sai da mahaifiyarta ta rasu sannan Malama ta san inda ubanta yake. Kawunta ne ya faɗa mata: manaja ne a wani kamfanin sufuri a wani gari mai nisa. Tun tana cikin zanin goyo ya tafi, ko fuskarsa ba ta sani ba.

Shekara tara tana koya wa ɗalibai rubutun wasiƙa, amma ranar da ta zauna a ofishin malamai za ta rubuta tata, layin farko ya gagare ta. Ta rubuta "Baba", ta soke. Da yamma ta kai wa kawun takardar.

"Ki sa 'Zuwa ga Malam', ki ambaci sunansa, ki bi da 'bayan gaisuwa'," in ji Kawu. "Ba ki raina shi ba, ba ki kuma faɗa masa a jiki ba."

"Kawu, wannan gaisuwar ta wanda aka ɗan saba da shi ce. Ni wace sabawa muka yi?"

"To, a kanki aka ƙare boko," ya ce yana murmushi.

Gaskiyar magana, tsoro take ji kada uban ya ce ta cusa kanta. Sai ta rubuta "Mai girma Manaja". Da ta fara da haka kuwa, sauran wasiƙar ta bi sahu: ta sa kan magana, "Neman Izinin Ganawa", ta yi layi huɗu a taƙaice, ba sunan uwarta, ba kalmar 'ya.

Ta aika da wasiƙar, wata biyar shiru. Da aka yi hutu ta shiga mota ta tafi.

A kamfanin, sakataren manajan, wani dattijo mai tabarau, ya saurare ta har ta gama. Ya jawo wani fayil mai kauri, ya laluba, ya zaro wasiƙarta daga cikin takardun masu neman aiki.

"Tun da ciwo ya kama shi ya ce in rage masa karatu," ya ce a hankali. "Duk wadda ta fara da muƙaminsa, ta ofis ce, nan take jiran layi. Wadda ta kira sunansa kuwa, har gadon asibiti nake kai masa. Yau kwanansa ashirin da rasuwa, 'yata."

Malama ta nemi kujera ta zauna. Hawayen ma suka ƙi zuwa.

"Ya taɓa maganata?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, ban taɓa ji ba. Mutum ne mai zurfin ciki."

Ya ciro hoton manajan daga bango, ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya miƙa mata. Ta daɗe tana kallo. Goshinta ne sak, har da wushiryar.

Sakataren ya duba agogo, ya ce motar ƙarshe ƙarfe huɗu take tashi. Ya naɗe mata hoton a jarida, ya raka ta har bakin titi.