Shafi Nawa Kika Rubuta Jiya?

Auta tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, tana kuma rubuta kundin digirinta na biyu a kan ƙarancin jini ga masu juna biyu. Da ta ga watanni suna wucewa rubutun yana tafiyar hawainiya, sai ta ce wa yayanta, wanda aikinsa ke nan rubuta manhaja, tana son abin da zai riƙa tsare ta kullum da safe.

"Ba ni za ki mayar agogo ba," in ji Yaya. "Buɗe Telegram, ki yi da kanki."

Yana gaya mata ta waya tana bi. Ta nemo BotFather, inda ake ƙirƙirar bot, wato manhajar da ke tura saƙo da kanta, ta ba sabon bot suna, aka turo mata wata doguwar lamba haɗe da haruffa. Yaya ya ce wannan ce makullin bot ɗin, kada ta nuna wa kowa. Ta shiga wajen bot ɗin ta danna Start, domin ba ya iya fara yi wa mutum magana sai mutumin ya fara. Daga nan suka ciro lambar hirarta, Yaya ya taya ta rubuta ƴan layukan umarni da yaren kwamfuta na Python, ya ɗora su a sabar, wato kwamfutar da yake haya a intanet. Kullum za a zaro magana ɗaya daga fayil ɗin da ta tara, maganganun malamanta da waɗanda ta tsinta a karatu, a haɗa da tambaya: "Shafi nawa kika rubuta jiya?"

Ranar farko saƙon ya zo tana tsakiyar ɗibar jini, domin agogon sabar ba ɗaya yake da na gari ba. Yaya ya gyara. Tun daga nan, tana ɗora ruwan shayi wayar take ƙara. Bot ɗin ba ya karanta amsa, ba a koya masa ba. Amma tana rubutawa duk da haka, uku, biyu da rabi, huɗu, su zauna a hirar.

Ana haka mahaifiyarsu, Umma, ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu. Bayan an yi mata aiki aka kawo ta gidan Auta, da yake ɗakinta a ƙasa yake. Rayuwa ta koma wanka, magani, juya kwanciya, wankin zanin gado, sannan a ruga asibiti. Kwamfutar tana kan teburi an ɗora mata kwalin magunguna. Saƙo yana zuwa, Auta ta kawar da shi daga fuskar wayar da babban yatsa ba ta ko duba ba.

Wata safiya tana shafa wa Umma mai a ƙafa, wayar ta yi ƙara a kan gado.

"Wai wane ne wannan da ba ya fashi?" Umma ta tambaya. "Kullum ya gaishe ki, kullum ki haɗe rai. In mai so ne ki faɗa mini tun ina da sauran numfashi."

Auta ta yi dariya. "Ba mutum ba ne, Umma. Ni na saita shi, ni nake turo wa kaina."

"Ke kike turowa, ke kike fushi?"

"Haka dai."

"Karanta mini in ji."

Ta karanta. Maganar ranar ta wata tsohuwar malamarsu ce: kada ki jira sai kin gane kafin ki zauna, a zaunen ake ganewa. Sannan tambayar.

"To shafi nawa?"

"Babu. Ina na ga lokaci?"

Umma ta mayar da idonta kan silin. Can ta ce, "Ni na tsayar miki da karatu ke nan."

"Haba Umma, wace irin magana ce wannan."

Amma maganar ta bi ta har wajen aiki. Tana liƙa takarda a jikin kwalaben jini tana tuna yadda muryar Umma ta yi ƙasa. Da aka tashi cin abincin rana ta zauna a benci bayan ɗakin gwajin, ta yanke shawara biyu: za ta sa Yaya ya kashe bot ɗin, kuma za ta rubuta wa Dakta, mai duba kundin nata, ta nemi ƙarin lokaci saboda jinya. Don ta sa kwanan wata daidai, ta buɗe hirar ta riƙa ja da baya, tana neman ranar da ta daina amsawa.

Ta wuce tambayoyin da ba amsa, jere, har ta iso ranar da Umma ta faɗi. Tana tsammanin za ta ga uku ko huɗu a samanta. Sifiri ta gani. Ta ƙara ja. Sifiri, sifiri, "gobe", wata ranar ba komai. Kusan sati uku haka, Umma tana gidanta lafiya lau. Amsa ta ƙarshe da ta wuce sifiri ita ce ta ranar da Dakta ya dawo mata da babi na uku, ya ja layi a gefe ya rubuta cewa matan da ta gwada sun yi kaɗan, sakamakon ba zai tsaya ba.

Ta daɗe riƙe da wayar. Abincin ya huce. Ba wai ta manta da wannan layin ba ne, ta dai daina zuwa kusa da shi, jinya kuma ta zo ta ba ta dalilin da ba mai musa mata.

Ta kira Yaya.

"In kashe shi?" ya tambaya, bayan ya saurare ta. "Layi ɗaya ne zan goge."

"A'a. Nuna mini inda tambayar take, zan canza."

"Me za ki sa?"

"Me kika taɓa jiya, kuma me kika kauce wa."

"Kai, Auta. Wannan ai ya fi na da zafi."

"Na da lamba yake so. In ba ni da ita sai in gudu."

Da ta koma gida ta tarar Umma ta juya fuska ga bango. Ta zauna a bakin gado ta nuna mata hirar, ta ce ga ranar da kika faɗi, ga inda na tsaya, tun kafin nan ne. Umma ba ta ganin ƙananan rubutu, amma ta sa aka ƙirga mata sifirin da ƙarfi.

"Ashe dai ke ce," ta ce, fuskarta ta saki. "Ni har na daina neman ruwa don kada in dame ki."

Auta ta tashi ta ɗebo mata ruwan.

Washegari ta amsa sabuwar tambayar a tsaye a kicin: ban taɓa komai ba, na kauce wa Dakta. Ganin haka a rubuce ya sa ta tura masa saƙo kafin ta fita, tana neman ganinsa a kan babi na uku. Ya ba ta lokaci a ƙarshen mako. Ya ce abin bai kai yadda ta ɗauka ba, amma ba ƙarami ba ne: sai ta ƙara mata wajen sittin daga wani asibitin, kuma ba za ta kammala da ƴan ajinsu ba. Ta fito daga ofishin, ta tsaya a matakala ta ɗan yi hawaye, sannan ta nufi inda ake neman izinin ɗibar samfuri.

Umma ta fara takawa da ƙarfen dogarawa, daga gado zuwa ƙofa, daga baya har tsakar gida. Rubutun ma ya motsa, ba da gudu ba. Wasu ranakun Auta tana gyara teburin sakamako ɗaya, wasu ranakun amsarta ita ce ta kauce wa komai ta yi barci. Kundin ya kai hannun Dakta bayan shekara ta juyo, Umma kuwa ta koma gidanta tun kafin nan, tana ƙorafin cewa an lalata mata shukokin da ta bari.