Akwati Ba Ya Sa Hannu

Yayana maƙullai yake yankawa. Shekara ashirin yana wannan sana'a a ɗan shagonsa da ke ƙasan benen da muke haya, kuma idan ya riƙe maƙulli na minti ɗaya ya haddace haƙoransa. Na fara da wannan ne don kada a ce na zargi bawan Allah haka siddan.

Ni ce auta a gidanmu. Na yi karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, amma shekara shida ina zaune a shagon Yaya ina miƙa wa mutane kwaɗo da sarƙa, da yamma in hau sama in kula da Inna. Shekara shidan nan kuwa suna da tarihi. Lokacin da na gama makaranta wani asibiti ya aiko mini da takardar kira zuwa ganawa, ta adireshin shago. Ba ta zo hannuna ba sai bayan kwana tara da wucewar ranar. Yaya ya ce ta faɗa bayan kantar shagon ne. Na ce to, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Saboda haka bana, da na ci jarrabawar hukumar da ke ba da lasisin aiki, kuma wani asibiti a wani gari ya ce zai ɗauke ni, sai na je gidan waya a ɓoye na kama akwati. Lamba ɗari uku da sha huɗu, layi na biyu daga ƙasa, sai na durƙusa nake buɗe shi. Na yi murna da akwatin nan kamar na gina gida. Ba shi da kantar da takarda za ta faɗa bayanta, kuma ba shi da yaya.

Fom ɗin hukuma yana da layi biyu. Na sama ya ce adireshin wasiƙu, na ƙasa ya ce adireshin da za a kai lasisi. Na rubuta akwatina a sama, na sake rubuta shi a ƙasa, har ina yaba wa kaina wayo.

Asibitin ya ce in zo da ainihin lasisin, ba hotonsa ba, ranar Juma'a ta ƙarshen wata, in ba haka ba gurbin ya zama na wani. Hukuma ta aiko da wasiƙa, ta faɗa akwati lafiya lau, tana cewa an tura lasisi. Daga nan shiru. Kullum da rana in ce wa Yaya zan sayo wa Inna magani, in je in durƙusa, in tarar da akwati wayam. Inna ta sha magani a bakina har ta kusa zama kantin magani.

Rannan na fito daga bayan shago sai na hangi Yaya riƙe da tarin maƙullaina. Ya ware ƙaramin nan mai lamba, yana juya shi a hasken ƙofa. Da ya ji motsina ya ajiye.

"A ƙasa na tsince su," in ji shi.

Na kwashe su na jefa a jaka. A raina na ce shi ke nan, an yanka.

Washegari ina shago waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Wani namiji ya kira sunana cikakke, ya ce akwai saƙona a hannunsu, in faɗa masa layinmu da lambar gida.

"Wane ne kai?"

"Daga kamfanin kai saƙo ne, Hajiya."

"Ni ban ba kowa gida ba. Mai saƙona ya san inda zai sa shi."

Na kashe. Yaya yana gefe yana goga wani maƙulli, bai ko ɗago ba, kuma rashin ɗagowar ne ya fi ba ni haushi. Na ce ko dai ɗan damfara ne, ko kuma Yaya ne ya sa abokinsa ya bugi cikina. Lambar ta sake kira sau biyu a kwana biyu, sai na toshe ta.

Ranar Litinin, saura kwana huɗu, na buɗe akwati na ga ba ko ƙura. Na miƙe na nufi kantar ma'aikatan gidan wayar. Matar da ke wurin dattijuwa ce mai gilashi a ƙarshen hanci, ma'aikata suna ce mata Uwar Hatimi, don kafin ta amsa gaisuwa ta buga wa abu uku hatimi.

"Mama, wani yana buɗe mini akwati."

"Wa kika ba maƙulli?"

"Ban ba kowa ba. Amma yayana maƙullai yake yankawa."

Ta dube ni ta saman gilashin. "To, me ya ɓace?"

Na zayyana mata. Ta ce in kawo wasiƙar hukumar ta gani. Ta bi ta da yatsa har ƙasa, inda aka yi wani ƙaramin rubutu da ban taɓa damuwa da shi ba.

"'Yata, kin karanta nan? Ta kamfanin kai saƙo suka tura, ba ta wurinmu ba."

"Ai duk ɗaya ne. Ba akwatin na rubuta ba?"

"Ɗaya a ina? Da ta hannunmu aka yi masa rajista, da kin tarar da 'yar takarda a akwati, ki zo nan da katin shaida ki sa hannu ki karɓa. Su kuwa kamfani ba su da hanyar shiga akwatunanmu. Ƙofa suke nema, da mutum mai hannu. Akwati ba ya sa hannu." Ta buga wa wata ambulan hatimi. "Wasiƙa, mujalla, takardar sanarwa, ba su akwati. Abin da za a ce sa hannu nan, ko inda aka tambaye ki ina kike kwana, ba su gida. Ba su kira ki ba? Sukan kira."

Na shiga gyara mayafina. Ta gane, ta kuwa yi dariya har gilashin ya zame.

"Kin zage su ke nan."

"Ban zage su ba. Toshe su na yi."

Ofishin kamfanin yana bayan tashar mota, ɗaki ɗaya cike da kwalaye da sikeli a bakin ƙofa. Ina ba mai kantar lambar saƙon da ke jikin wasiƙa, ya ɗago.

"Au, ke ce mai 'ban ba kowa gida ba'?"

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ya ce sun riƙe saƙon mako guda, ba adireshi, ba mai ɗaukar waya, ranar Asabar suka mayar wa hukuma. Nan na tsaya na kira hukumar, aka yi ta miƙa ni daga tebur zuwa tebur kamar kwanon aro. A ƙarshe wata mata ta ce saƙon ya dawo musu da safen nan. Idan na tura adireshin titi kafin ƙarfe huɗu, zai fita gobe, ya iso Alhamis. Ta ƙara da cewa ya zama wurin da ba a rasa mutum da rana.

Wuri ɗaya ne tak haka a rayuwata. Sama Inna ce kaɗai, ba ta jin ƙwanƙwasa ƙofa, ba ta iya sauko da bene. Saura shago. Abin takaicin kuma, shekara shida ina zaune a cikinsa ban san lambarsa ba, don fentin ya goge tun kafin in zo.

Na dawo ƙarfe uku da rabi. Yaya yana kan inji, ƙarfe yana ta tsuwa. Na jira ya kashe.

"Yaya, mene ne lambar shagon nan?"

"Ashirin da bakwai. Akwatin ya ƙi karɓa ne?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. "Ashe ka sani."

"Auta, na san maƙullin gidan waya tun ba ki da haƙora. Wata huɗu yana lilo a jakarki."

"Ka yanka irinsa?"

Ya dube ni. Na ga ransa ya ɓaci, amma ban janye ba, don na gaji da haɗiye tambaya.

"Ban yanka ba," ya ce. "Lanƙwasa na gani a bakinsa, na so in miƙe miki, sai na ga fuskarki na fasa."

Ban san ko in yarda ba. Bakin da ya ce takarda ta faɗa bayan kanta, shi ne dai wannan. Amma agogo ba ya jiran mai shakka. Na rubuta lamba ashirin da bakwai da sunan layinmu, na tura. Sannan na faɗa masa komai: lasisin, asibitin, garin, Juma'ar.

"Inna fa?" Abin da ya fara cewa ke nan.

"Ɗiyarta ce ni, kai ma ɗanta ne."

Ya kunna inji.

Talata da Laraba ban yarda na matsa daga shagon ba. Ko bayan gida zan shiga sai na bar ƙofa a buɗe rabi ina kasa kunne. Duk babur ɗin da ya rage gudu a layi sai na miƙe. Yaya yana kallona, ni ma ina kallonsa, muna ta ciniki da mutane kamar ba komai. Har bayan kantar na leƙa, na tura tsintsiya, na fito da murfin biro da gizo-gizo. Tsakanin kantar da bango ko wuƙa ba za ta shiga ta sama ba, balle wasiƙa. Na daɗe da sanin haka, ranar ce dai na auna.

Alhamis wajen sha ɗaya, Inna ta buga ƙasa da sandarta, alamar tana nemana. Na yi kamar ban ji ba. Ta sake bugawa, da ƙarfi.

"Hau mana," in ji Yaya.

Na hau ina waiwaye. Ruwa ne ya zube mata a shimfiɗa. Ina cikin canza zanin gado na ji tsayuwar babur a ƙasa, na ji an ambaci sunana. Na saki zanin na sauko da gudu, ina tsallake matakala biyu biyu, zuciyata tana cewa ya riga ya karɓa, ya riga ya ce ba ta nan.

Na tarar da mai babur a bakin kanta da babbar ambulan mai tauri, yana miƙa wa Yaya biro.

"Oga, kai ma za ka iya sa mata hannu, tunda gida ɗaya ne. Sauri nake."

Yaya yana tsaye, ya mayar da hannayensa duka biyu baya, ya haɗe su kamar ɗan makarantar da aka kira gaban aji.

"A'a, jira ta," ya ce. Bai juyo ya dube ni ba, amma ya san ina bakin matakala. "Na taɓa karɓar mata wasiƙa sau ɗaya."

Na karɓi biron. Sai da mai babur ya nuna mini layin sau biyu, don idona ya cika ban ga inda zan sa hannu ba.